Tazarar mutum 12: shin saƙon B ya yi nasara?

Duk lokacin da rangwamen ƙarshen shekara ya gabato, sai ka ga masu tallar kaya ta imel suna ta yaɗa hoton allo na gwajin A da B, wato tura saƙo iri biyu don a ga wanda aka fi latsawa. Saƙo biyu, A da B, manhaja ta saka wa ɗaya koren tambari, mai shi kuma yana murna wai ya gano sirrin kwastomominsa. Ku dakata tukuna, mu duba lambobin.

Shirya gwajin ba shi da wuya. Saƙo ɗaya ne, ka yi masa kwafi, ka canza abu guda kawai, misali kanun saƙon. In ka canza kanu da hoto da maɓalli gaba ɗaya, ko an samu bambanci ba za ka san wanne ya jawo shi ba. Ka bar manhaja ta raba mutane ta hanyar ƙuri'a, kada ka zaɓa da hannunka, sannan ka tura duka biyun a lokaci guda. Shi ke nan.

Wajen karanta sakamako ne ake yin tuntuɓe. A ce kana da mutum 20,000 a jerinka. Ka tura A ga 2,000, B ma ga 2,000. Mutum 80 suka latsa mahaɗin da ke cikin A, 92 suka latsa na B. Wato kashi 4 cikin ɗari da kashi 4.6. Manhaja za ta iya ce maka B ya fi A da kashi 15 cikin ɗari, kuma lissafin daidai ne, kunne ma yana jin daɗinsa. Amma a zahiri mutum 12 ne tsakani.

To, ku yi tunanin da saƙo iri ɗaya sak ka tura wa rukunin biyu, ko wasali bai bambanta ba. Kuna ganin 80 da 80 za a samu? Da ƙyar. Wani yana kan hanya, wani wayarsa ba caji, wani kuma dama duk abin da aka turo masa sai ya latsa, kuma ƙuri'a ba ta raba irin waɗannan daidai wa daida. Tambayar ita ce, shin 12 ɗin nan ya wuce abin da dace kaɗai zai iya haifarwa?

Ga gwaji mai sauƙi, muddin rukunan girmansu ɗaya kuma masu latsawar 'yan kaɗan ne a cikinsu. Haɗa 80 da 92, ka samu 172. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 172, kusan 13 ke nan. Ninka ta biyu, 26. Sai tazara ta kai wajen 26 kafin ka fara yarda da ita. Tamu 12 ce, ko rabi ba ta kai ba. Da a ce B ya samu 110, tazarar 30 ce, ma'aunin kuma kusan 28, to nan akwai magana.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne, in kana so ka tabbatar da ɗan bambanci irin na 4 da 4.6, kana bukatar wajen mutum 18,000 a kowane ɓangare. Jerin naka gaba ɗaya bai isa ba. Shi ya sa ni a ganina, mai ƙaramin jeri ya daina gwada waƙafi da launin maɓalli, ya gwada manyan abubuwa, kamar rangwame a wannan, kai kaya kyauta a wancan.

Kun lura ban taɓa adadin waɗanda suka buɗe saƙon ba? Da gangan ne. Tun watan Satumba na 2021 da Apple ya fito da Mail Privacy Protection, manhajarsu ta imel tana sauke hotunan saƙo da kanta, har da ɗan ɓoyayyen hoton da ake ƙirga buɗewa da shi. Sai a rubuta an buɗe, alhali mai wayar yana sharar barci. Ka dogara da latsawa, in da hali ma da sayayya, don kanu mai zuzutawa yana iya tara masu leƙe ba tare da an sayi komai ba.

Sai maganar gaggawa. Kakar ciniki gajera ce, hannu yana ƙaiƙayi, bayan awa ɗaya an leƙa an ga B a gaba an tura wa kowa. Masu buɗe imel nan take daban suke da masu dubawa da dare. Ka yanke lokacin dubawa tun kafin ka tura, misali awa 24, kuma kada ka tsayar da gwajin don kawai wanda kake so ya shiga gaba.

In lokacin ya cika tazarar ba ta kai ma'auni ba, tura B ga sauran 16,000 ɗin, babu laifi, tunda dole ka zaɓi ɗaya. Sai dai a littafinka ka rubuta "ba a tantance ba", tare da 80 da 92 ɗin da yawan mutanen kowane rukuni, don in kakar ta zagayo baɗi ka san har yanzu gwajin nan bai ƙare ba.