Me Ya Sa Jiri da Karkarwa Ke Kama Yarinya a Aji Idan Ba Ta Karya Ba?

Assalamu alaikum masu kallo. Ku kawo a ranku yarinya 'yar shekara 13. Jiya da ƙarfe 8 na dare ta ci abincinta na ƙarshe. Yau ta makara, ta zari jaka ta fice ko ruwa ba ta kurɓa ba. Ta taka zuwa makaranta, ta tsaya a layi, ta shiga aji. Wajen ƙarfe 10 sai biro ya fara rawa a hannunta, gumi ya tsattsafo mata a goshi, rubutun allo ya soma yi mata dishi-dishi, zuciyarta na tashi. Ku lissafa, awa 14 ke nan cikinta babu komai. Tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi a kan wannan hali su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: da safe ai lafiya lau ta fita, me ya sa sai da hantsi abin ya taso?

Saboda jiki yana da ajiya, ajiyar ce ta riƙe ta har zuwa lokacin. Duk abincin da muka ci mai sitaci, hanji yana narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Wani ɓangare na abin da ya yi saura sai hanta ta tara shi. A jikin babban mutum wannan ajiya ta hanta ba ta wuce kimanin giram 100 ba, ta yarinya kuwa ba ta kai haka ba. Tsawon dare, tana barci, hanta na ta sakin sukarin nan kaɗan-kaɗan, domin ƙwaƙwalwa ba ta hutu. Nauyin ƙwaƙwalwar babba kusan kashi 2 ne cikin 100 na jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa idan yana hutawa, rabon ta yara ma ya fi haka. To gari na wayewa ajiyar ta riga ta ja baya. Sai ga tafiya, ga tsayuwa, ga lissafi. Zuwa hantsi abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, dole jiki ya tashi neman mafita.

Tambaya ta biyu: to me ke kawo rawar hannu da bugun zuciya?

Neman mafitar nan ne. Da sukarin jini ya fara sauka, jiki na sakin sinadarai da za su matsa wa hanta ta fito da sauran ajiyarta, ta kuma haɗa sabon sukari. Ɗaya daga cikinsu shi ne adirenalin, wanda ke fita idan mutum ya tsorata. Shi ya sa alamomin suke kama da na firgici: hannu na karkarwa, tafin hannu ya jiƙe, zuciya na dukan uku-uku, yarinya ta zama mai saurin fushi ko kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai abin da nake so ku riƙe a nan. Likitoci na cewa sukari ya faɗi idan ya sauka ƙasa da miligiram 70 a kowane desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Yawancin yara masu lafiya, ko a tsakiyar karkarwar aka gwada su, za a tarar ba su sauka ƙasa da haka ba, saboda jikin ya yi nasarar tare shi. Karkarwar alama ce ta wahalar da jiki ke sha wajen tarewar. Don haka in an gwada an ga awo daidai, kada a ce ƙarya take ko gudun darasi take yi. Abin yana yi mini ciwo in ji an ce wa yarinyar da ke rawar jiki a gaban mutane wai langaɓe ne.

Tambaya ta uku: wanda bai ci komai ba, ina ya samo tashin zuciya?

Ciki ba ya daina aiki don babu abinci. Yana ci gaba da zubo ruwansa mai tsami, kuma duk bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana murɗawa don share abin da ya rage, wannan ne ƙugin da ake ji. Tsamin nan da murɗawar, ga adirenalin yana dagula ciki, su ke haɗuwa su zama tashin zuciya. Matsalar ita ce da zuciya ta tashi sai yarinya ta ƙi abinci, alhali abincin ne maganin.

Tambaya ta huɗu: jirin fa, shi ma sukari ne?

Wani ɓangare. Ɗaya ɓangaren ruwa ne. Wadda ba ta karya ba yawanci ba ta sha komai ba tun dare. Idan ta daɗe a tsaye, ko ta miƙe zumbur daga kujera, jini na taruwa a ƙafafu, wanda ke hawa kai ya ragu na ɗan lokaci, sai ta ga duhu-duhu, kunnuwanta su toshe.

Tambaya ta biyar: me malama za ta yi nan take?

A zaunar da ita, ko a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta. Idan tana cikin hayyacinta tana iya haɗiya, a ba ta abu mai zaƙi, kamar cokali babba ɗaya na sukari a cikin ruwa ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace, ta sha a hankali. A jira minti 15. In yunwa ce, za ku ga hannun ya tsaya, fuskar ta washe. Amma kada a tsaya nan, zaƙi zalla saurin hawa yake ya kuma saurin sauka. A biyo da abinci na gaske, mai sitaci haɗe da mai gina jiki irin su ƙwai ko madara, su ne ke jinkirta narkewa su kai ta har rana. Idan kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, tana iya shaƙewa. A kwantar da ita ta gefe, in ba ta farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu ba a garzaya asibiti.

Tambaya ta ƙarshe: yaushe za a gane abin ya wuce rashin karin kumallo?

Gwajin mai sauƙi ne. Ta karya kullum har sati biyu, ko da loma kaɗan ce da kofin ruwa, ko ta tafi da shi ta ci kafin darasin farko. In jirin bai tafi ba, a ga likita. A yarinyar da ta fara al'ada, abin da aka fi zargi shi ne ƙarancin jini, musamman idan jinin na zuba da yawa. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba, in cikin ya yi fari maimakon ja, tana kuma haki a ɗan hawan bene, a auna jininta. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar ƙasa da giram 12 na himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, a desilita a matsayin ƙarancin jini ga 'yar shekara 13. Idan ƙishirwa ta yi mata yawa, tana yawan fitsari, tana ramewa, wannan na iya zama ciwon sukari, a je asibiti a ranar. Haka ma idan ta suma tana tsaka da gudu, ko ƙirjinta na ciwo.

Sannan ku tambaye ta a keɓe, cikin taushin murya, me ya hana ta ci. Wata makara ce kawai. Wata kuwa da gangan take ƙin abinci don tsoron ƙiba, ta ce ta ƙoshi alhali ba ta taɓa kwanon ba. Irin wannan yarinya, faɗa ba ya gyara ta, ku zauna da ita ku saurara, ku kuma kai ta wurin likita.