Kafin ka ɗaura takalmin gudu: karatun lambar iska a lokacin hunturu

An idar da sallar asuba a Samaru, watan Janairu ne, sanyi na ratsa riga. Wani matashi ya ɗaura takalminsa zai yi gudun da ya saba, daga Samaru ya miƙa hanyar Kwangila ya dawo, minti 45 ke nan. Ya ɗaga kai, fitilun titi sun yi dishi-dishi cikin hazo. Sai ya buɗe manhajar yanayi a wayarsa, ya ga an rubuta PM2.5, a gabanta lamba 70. Ya ce a ransa ai 70 ba ta kai ɗari ba, da sauƙi. Ya fita.

Wannan lissafin nasa kuskure ne, kuma mutane da yawa na yin irinsa, shi ya sa za mu tsaya a kansa.

Lambobi biyu ne a fuskar wayar, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta farko, wadda ake liƙa wa µg/m³, nauyin ƙurar ce da kanta: maikurogiram nawa ke yawo cikin iskar da za ta cika akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe. PM2.5 ɗin kuwa sunan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi ne mafi ƙanƙanta, waɗanda kaurin gashin kai ya ninka su kusan sau talatin. Ƙanƙantarsu ce ta sa suke wuce hanci da maƙogwaro su isa can cikin huhu. Ta biyu ita ce AQI. Ita ba nauyi ba ce, maki ne da ake juya wancan nauyin zuwa gare shi don a gane matakin haɗari. Manhajoji da yawa na bin ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, za ka ga an rubuta US AQI.

A wannan ma'aunin, daga 0 zuwa 50 kore ne, iska lafiya lau. Daga 51 zuwa 100 ruwan ɗorawa, akasarin mutane ba su da damuwa. Daga 101 zuwa 150 ruwan lemo, nan masu asma, masu ciwon zuciya ko huhu, yara, tsofaffi da masu juna biyu ke fara taka-tsantsan. Daga 151 zuwa 200 ja ne, ya shafi kowa. Sama da 200 launin ya koma shunayya, in ya haura 300 kuma ya zama ruwan hanta.

To ina 70 ɗin matashinmu ta faɗa? Ita nauyin ƙurar ce, ba makin AQI ba. Tun gyaran da aka yi wa ma'aunin a 2024, jan mataki na farawa ne daga maikurogiram 55.5 ya tsaya a 125.4. Ke nan 70 ta riga ta shiga ja, makinta ya kama wajen 161. Shi yana ganin ruwan ɗorawa ne, alhali ya tsallake matakai biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a jagoranta na 2021, ta sa 15 a matsayin abin da bai kamata matsakaicin yini ya wuce ba. Don haka abu na farko, duba abin da aka rubuta kusa da lambar kafin ka yanke hukunci.

Wani zai ce, ai duk iskar nan muke shaƙa, mai gudu da mai zaune a bakin shago. Haka ne, amma ba daidai kuke ɗiba ba. Wanda ke zaune yana jan iska kamar lita shida zuwa takwas a minti. Mai gudu na iya jan lita sittin, har fiye, kuma da baki yake ja, ya bar hancin da ke tace wani kaso na ƙurar. Mu lissafa wa matashinmu. Lita 60 a minti, na tsawon minti 45, ya ja lita 2,700. A iskar da ke ɗauke da 70, abin da ya shiga ƙirjinsa ya kusa maikurogiram 190. Da a ce tafiya ya yi da ɗan sauri, yana jan kamar lita 20, na minti 30, da abin da ya shaƙa bai wuce 42 ba. Iska ɗaya, safiya ɗaya, amma ya rage fiye da kashi uku cikin huɗu. Wannan shi ne abin da ke hannunka: ƙarfin motsa jikin da kuma tsawonsa.

Saboda haka, a kore da ruwan ɗorawa, yi gudunka. A ruwan lemo, mai lafiya zai iya fita, sai dai ya riƙa sauraron ƙirjinsa, mai asma kuma ya gajarta, ya sassauta, maganin shaƙarsa na aljihu. In ta yi ja, mai lafiya ma ya mai da gudu tafiya, ya rage lokaci, su kuma masu rauni su yi nasu a ɗaki. In maki ya haura 200, a haƙura da fili gaba ɗaya. Ina roƙon masu horar da yara ƙwallo su riƙe wannan da kyau, domin yaro na jan iska mai yawa in aka gwada da girman jikinsa, huhunsa bai gama ginuwa ba, kuma ba zai ce maka ƙirjinsa ya ɗaure ba muddin wasa na daɗi.

Sai dai lambar ma tana da iyakarta. A wurin da babu na'urar awo kusa, manhaja ƙiyasi take yi daga tauraron ɗan adam da lissafin kwamfuta. Duba ko ta nuna tashar da ta ɗauko awon, da kuma ƙarfe nawa aka sabunta shi. Irin wannan ƙiyasi na iya hango babbar ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, amma bai san an cinna wa bola wuta a bayan layinku ba, bai san hayaƙin tireloli da ke bin babban titi ba. Da asubar hunturu kuma iska mai sanyi na kwanciya a ƙasa ta danne hayaƙin itace da na motoci, sai rana ta ɗaga yake watsewa. Wato lokacin da muka fi son gudu na iya zama lokacin da hayaƙin unguwa ya fi kauri. Matsawa daga bakin titi zuwa fili na ciki na rage wannan, ko da yake ba ya rage ƙurar hamada, ita ta rufe gari duka.

Haɗa da idonka. In daga inda ka saba hango dutsen Kufena yau ba ka ganinsa, ko kana jin ƙasa-ƙasa a haƙoranka, waya kuma na cewa kore, kada ka yarda da wayar. Ƙurar hunturu tana da manyan ƙwayoyi da yawa, don haka leƙa layin PM10 shi ma, in manhajar na nuna shi.

Batun takunkumi: na yadi da rawani na tare manyan ƙwayoyi, amma ƙananan na wucewa. N95 da ya zauna daram a fuska yana tacewa, sai dai gudu da shi na da wuya, kuma da zarar ya jiƙe da gumi ko ya saki ta gefe, amfaninsa ya ragu.

Idan kuwa kana cikin motsa jiki ka ji tari ya sarƙe ka, ko numfashinka na fito, ko ƙirji ya yi nauyi, tsaya nan take, komai launin da waya ta nuna. Ka shiga ɗaki ka huta. Idan numfashin bai daidaita ba bayan hutun da shaƙar magani, ko akwai ciwon ƙirji, ko magana ma na yi maka wuya, a kai ka asibiti ba tare da jira ba.