Fara, Ja da Tsoho: Yadda Ake Tantance Suna, Aikatau da Sifa Idan Kalma Ta Shiga Aji Fiye da Ɗaya

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwana malamai, da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ga kalmomi goma sha ɗaya a kan allo: gida, zauna, barci, zafi, dafaffe, fara, wasa, baƙi, gudu, ja, tsoho. Irin aikin da muke ba yara ne a darasin nahawu, mu ja musu layi uku, mu ce su zuba kowace kalma a ƙarƙashin suna ko aikatau ko sifa. Gida da zauna ba su da rigima, kowane yaro zai ce gida suna ne, zauna aikatau ne. Daga nan kuwa sai aji ya rabu, kuma sau da yawa yaron da aka ba kuskure yana da gaskiya. Abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne, ba a gane ajin kalma ta hanyar kallon ma'anarta. Sai an sa ta a gurbi cikin jimla an ga ko ta zauna.

Mun saba cewa aikatau kalma ce mai nuna aiki, sifa kuma kalma ce mai bayyana kamannin abu. Da wannan bayani yaro zai ɗauki barci ya kai wa aikatau, tunda barci abu ne da ake yi. To mu gwada. Gurbin aikatau shi ne bayan kalmar sun. Muna cewa sun zauna, sun tashi, sun dafa. Akwai Bahaushen da zai ce sun barci? Babu. Sai dai sun yi barci. Aikatau a nan shi ne yi, barci kuwa suna ne, shi ya sa muke cewa barcin rana, barcinsa, dogon barci. Haka magana take, haka aiki, haka dariya. Ina roƙonku ku riƙa gwadawa da sun, kada ku gwada da yana, domin kalmar yana tana karɓar kowa: yana barci, yana gudu, yana kasuwa, yana gyara mota. Gurbin da ke karɓar kowa ba zai raba mana komai ba.

Zafi ma haka ma'ana take yaudarar yara a kansa. Sifa ta gaskiya tana iya zuwa gaban suna da mahaɗi, tana iya komawa bayansa ba tare da ma'ana ta canza ba, kuma tana bin jinsinsa da adadinsa: dogon yaro, yaro dogo, doguwar yarinya, dogayen yara. Ku sa zafi a wannan gurbi. Zafin ruwa ba ruwan da ya yi zafi ba ne, zafin da ke jikin ruwan ake nufi. Idan ruwan kake so sai ka ce ruwan zafi ko ruwa mai zafi. Muna cewa yana da zafi kamar yadda muke cewa yana da kuɗi, amma ba ma cewa yana da dogo, sai yana da tsawo. Saboda haka zafi suna ne. Tun 1955 F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya yi rubutu a kan wannan rukuni na sunaye: zafi, sanyi, nauyi, daɗi, faɗi, zurfi, tsami, ɗaci, ƙarfi. Kowannensu gaɓa biyu ne da ke ƙarewa da wasalin i, kuma ana iya ciro sifa daga jikinsa. Daga zafi muke samun zazzafan shayi da zazzafar muhawara, daga daɗi muke samun daddaɗan abinci. Waɗannan su ne za su shiga layin sifa. Dafaffe ma can zai tafi duk da cewa daga aikatau dafa ya fito, tunda muna da dafaffen ƙwai, dafaffiyar gyaɗa, dafaffun kaji.

Waɗannan uku kowannensu aji ɗaya ne, ruɗani kawai suka kawo. Yanzu mu zo ga waɗanda da gaske suka shiga layi biyu ko uku, kuma dalilin shigarsu ba ɗaya ba ne.

Ku dubi fara. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka kalmomi uku ne suka haɗu a rubutu ɗaya. Ku saurare ni. Sun fara aiki: wasalin farko dogo ne, murya ta tashi sama ta sauko ƙasa. Fara ta cinye gero: wasalin farko dogo ne nan ma, amma murya ta faro daga ƙasa ta hau sama. Saniya fara: wasalin farko gajere ne, gaɓoɓin biyu duka a sama. Na farko aikatau, na biyu suna, na uku sifa, wato macen fari, jam'insu farare. Kunnen yaro ɗan shekara biyar yana rarrabe su, a takarda ne kawai suka zama ɗaya. Idan malami ya rubuta fara tsirara a allo, amsa uku ce daidai, kuma ba shi da hujjar ƙin ko ɗaya.

Wasa na ɗaure wa mutane kai fiye da haka, domin za ka gwada shi da sun ya wuce: sun wasa wuƙa. Amma wannan wasa na kaifafa ƙarfe ne, sama sannan ƙasa. Wasan da yara ke yi a dandali ƙasa ne sannan sama, kuma sai da yi yake tafiya, sun yi wasa. Don haka idan kalma ta zauna a gurbi, ka sake tambayar kanka ko ma'anar da ka shigo da ita ce ta zauna, ko wata kalma ce mai kama da ita.

Dalili na biyu shi ne na gudu. A nan asali ɗaya ne, ma'ana ɗaya ce. Ɓarayi sun gudu, aikatau ne, wasalin ƙarshe gajere. Gudun doki, ya yi gudu, gudu ya gajiyar da shi, suna ne, kuma idan ka faɗi kalmar ita kaɗai za ka ji wasalin ƙarshe ya yi tsawo. Wannan shi muke kira sunan aiki. Alamarsa ita ce yana karɓar mahaɗi da mallaka, gudunsa, gudunta, yana kuma iya zama abin da jimla take magana a kansa. Gudu zai shiga layi biyu, kuma ya cancanci haka.

Ja ita ce na fi so mu tsaya a kanta, domin duk abin da muka faɗa ya taru a cikinta. Sun ja igiya, aikatau ne. Hula ja, sifa ce, jam'inta jajaye. Waɗannan biyu ko a baki ba su da bambanci, dukansu dogon wasali ne da murya a sama. Sannan ga sunan aiki, kamar a jan hankali da jan kunne, inda murya take faɗowa daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya, irin yadda muke faɗin shan ruwa da cin abinci. To idan yaro ya ga jan zare a rubuce fa? Zare ne mai launin ja, ko kuwa aikin janyo zare? Ga dabarar da za ku ba shi: ya cire zare, wanda namiji ne, ya sa suna mace a gurbinsa, misali igiya. Idan launi ake nufi, sifa za ta bi jinsin igiya, sai a ce jar igiya. Idan aiki ake nufi, sunan aikin yana da nasa jinsin na namiji wanda ba ya sakewa, sai a ce jan igiya. Harafi ɗaya, r ko n, ya raba gardamar. Ana iya ƙarawa da jam'i: jajayen igiyoyi launi ne, jan igiyoyi aiki ne.

Wannan dabara ita za ta yi mana aiki a kan tsoho, wanda shi ne dalili na uku. A nan ba rubutu ne ya haɗa kalmomi ba, kalma ɗaya ce da furuci ɗaya take aiki biyu. Tsoho ya shigo, suna ne. Tsohon gida, sifa ce, tunda za ka iya juyawa ka ce gida tsoho, kuma da mace sai ka ce tsohuwar mota. Amma tsohon Binta fa? Binta mace ce, tsoho bai bi jinsinta ba, don haka mahaifinta ake nufi, suna ne. Tsohon sarki kuwa yana ɗaukar duka biyun, wanda ya taɓa yin sarauta ko mahaifin sarki, sai sauran jimla ta warware. A gaskiya kusan kowace sifa ta Hausa tana iya tsayawa ita kaɗai a gurbin suna: dogon ya zo, ba ni ƙaramar, sababbin sun ƙare. A ganina waɗannan sifa ce aka bar sunanta a zuci, kuma a layin sifa ya kamata su zauna. Ina ba kalma gurbi a layin suna ne idan ta samu ma'ana tata da ba ta buƙatar a tambayi wane abu ake nufi. Tsoho ya kai wannan matsayi, domin da an ce tsoho kowa ya san mutum ne. Baƙi ma ya kai: baƙin wando sifa ce, amma baƙi da wasali da muke koyarwa a aji suna ne, kuma baƙi na launi da baƙi na rubutu jam'insu duka baƙaƙe. Sai kuma baƙi jam'in baƙo, mai dogon wasali da murya daga ƙasa zuwa sama, wanda rubutu ne kawai ya haɗa shi da su.

Malama daga baya tana tambaya yadda za a ba da maki idan amsa ta fi ɗaya. Malama, hanya biyu ce. Idan kina son amsa ɗaya tak, kada ki ba da kalma tsirara, ki sa ta cikin jimla ki ja mata layi: fara ta sauka a gona. Idan kuma jerin kalmomi kike so, ki faɗa tun farko cewa kalma tana iya shiga layi fiye da ɗaya, kuma duk inda yaro ya sa kalma sai ya rubuta gajeriyar jimla a gefenta. Makin yana kan jimlar. Wanda ya sa wasa a aikatau ya rubuta sun wasa gatari ya ci. Wanda ya sa ta a aikatau ya rubuta yara suna wasa bai ci ba, kuma jimlarsa ta nuna miki ainihin inda ya ɓace, wato ya ɗauka duk abin da ya biyo bayan kalmomi irin su yana da suna aikatau ne.

Bari mu cika allon. Layin suna: gida, barci, zafi, fara, wasa, baƙi, gudu, ja, tsoho. Layin aikatau: zauna, fara, wasa, gudu, ja. Layin sifa: dafaffe, fara, baƙi, ja, tsoho. Ga wasu biyar ku gwada kafin zamanmu na gaba, kowace da jimlarta: tara, kama, sabo, rama, fari. Na gode. Wassalamu alaikum.