Faktir ɗin da mutum ke karantawa da wanda kwamfuta ke karantawa

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Garwa, ya aiko yana cewa: "Na tura wa kamfani faktir a PDF, sun mayar mini wai sai XML. To ba duka a kwamfuta suke ba?"

Alhaji, a kwamfuta suke, amma ba mai karatu ɗaya aka rubuta wa su ba. PDF takarda ce da aka ɗora a allo, ido aka yi wa ita. Manhajar lissafi ba ta san wace lamba ce kuɗin kaya, wace ce haraji ba, sai akanta ya zauna ya sake bugawa da hannu. A nan sifili ɗaya ke zamewa, miliyan ya koma dubu ɗari.

A ce ka sayar da siminti buhu 200, kowanne sefa 5,000. Miliyan ɗaya ke nan. Ka ɗora harajin TVA na Kamaru, kashi 19.25 cikin ɗari, wato 192,500, jimla 1,192,500. XML kuwa fayil ne da aka rubuta don manhaja ta karanta. A tsarinsa da ake kira UBL, kowace lamba tana zaune a akwati mai suna. Buhu 200 na cikin InvoicedQuantity, harajin na cikin TaxAmount, jimlar kuma a PayableAmount, da alamar XAF manne da ita don kada a ɗauka naira ce. Manhajar mai saye za ta tara da kanta, in lissafi bai hau ba ko babu lambar faktir, nan take ta ƙi karɓa. Ni wannan ƙin karɓar nake ganin alheri, domin gara a ce maka gyara yau da ka yi wata biyu kana sintiri a ofis kana jiran kuɗinka.

Saboda haka ɗaukar hoton takarda da waya, ko sauya wa fayil suna ya ƙare da .xml, duk ba sa mai da shi XML. Manhajar da ka rubuta faktir ɗin da ita ce za ta fitar da shi.

Akwai kuma mai fuska biyu, Factur-X na Faransa da Jamus: a ido PDF ne, a cikinsa an dasa fayil mai suna factur-x.xml. Ka buɗe shi a kwamfuta, ka duba sashen abin da aka maƙala, za ka gan shi. Sai dai a yi hattara, jama'a. In wani ya gyara farashi a fuskar takardar bai taɓa na ciki ba, kai ka karanta wata lamba, manhaja ta biya wata. Kuma XML bai shaida cewa simintin ya sauka a sito ba, takardar karɓar kaya tana nan da aikinta.

Kafin ka sake turawa, Alhaji, ka tambayi akantansu wane tsari manhajarsu ke karɓa, UBL ne ko CII, don duka XML ne amma sunayen akwatunansu sun bambanta.