Yadda Nake Raya Layina na Najeriya Daga Nan Alƙahira

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ƙaramar wayar da kuke gani a hannuna ba ta da wani aiki sai riƙe layina na Najeriya, domin ta nan ne banki yake aiko mini da lambar sirrin da ake kira OTP duk lokacin da zan tura kuɗi gida.

Bisa ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ya kawo wa kamfani kuɗi da shi ba, ana iya dakatar da shi, idan kuma aka ƙara wasu wata shidan a haka, kamfani yana da damar karɓe lambar ya sayar wa wani. Inda mutanenmu suke ruɗuwa shi ne, suna ɗauka tunda saƙon banki yana shigowa, to layin yana aiki. Ni ba na dogara da wannan ko kaɗan, domin karɓar saƙo a ƙasar waje galibi kyauta ne.

Saboda haka, duk bayan wata biyu nakan sa wa layin kati daga manhajar bankina, na tura gajeren saƙo guda zuwa gida, sannan na danna `*310#` na tabbatar an cire kuɗin. Wannan cirewar ita ce shaidata cewa layin ya motsa. `Data roaming` kuwa, wato shiga intanet da layin a ƙasar waje, a kashe yake kullum, don in aka bar shi a kunne, kafin a ankara ya cinye katin. Wanda bai taso ba tukuna, ya tabbatar an buɗe masa `roaming`, wato damar amfani da layin a ƙasar waje, tun yana gida, ya kuma duba da `*996#` cewa layin yana haɗe da lambarsa ta NIN.

Idan wayarku ta nuna `Emergency calls only`, kada hankalinku ya tashi nan take. Ku shiga wajen zaɓen hanyar sadarwa, ku gwada kamfanonin ƙasar da kuke ɗaya bayan ɗaya, domin ba dukansu ne suke da yarjejeniya da kamfaninku na gida ba. Amma idan duk sun ƙi, aka kuma kira lambar daga gida aka ji babu ita, ko wani baƙo ya ɗauka, to layin ya tafi.

Abin da ya fi damuna ke nan, domin sabon mai lambar shi zai riƙa karɓar saƙonnin asusunku, yana kuma iya buɗe WhatsApp da ita. A ranar ku sanar da banki ya tsayar da hada-hadar da ake yi ta wannan lamba, ku kuma nemi a riƙa aiko muku da lambar sirri ta imel idan bankin yana yin haka.