Gayyata Ce, Ba Alkawari Ba: Saƙon Kiran Ma'aikaci Ya Nemi Aiki a Wani Sashe

Ku ɗauka kuna ofishin kula da ma'aikata a wani kamfanin sayar da iri da taki a nan Maradi. An buɗe sabon gurbi a sashen sayayya: ana son wanda zai riƙa zagaya kasuwannin Tasawa, Dakoro da Madarunfa yana sayen wake da gyaɗa. Kun duba cikin gida, sai idonku ya faɗa kan mai kula da mangaza. Shekara huɗu yana awo, yana ɗibar wake da hannu ya gane wanda ƙwaro ya fara ci. To, me za ku rubuta masa?

Kafin ku rubuta komai, ku je wurin shugaban sashensa na yanzu. A biro ɗaya ake zaune, tabarma ɗaya ake sallar azahar, maganar ba za ta kwana ba ta kai kunnensa. In a bakin wani ya ji, zai ce an zagaye shi an ɗauke masa yaro, kuma kan yaron fushin zai sauka. Minti biyar sun isa: ga gurbin, ga wanda muke so ya nema, in ya samu yaushe za ka iya sakinsa?

Ga saƙon a kan allo, mu karanta tare.

“Assalamu alaikum Malam. An buɗe gurbin jami'in sayayya a sashen sayayya, ƙarƙashin darakta na sashen. Na tuna da kai saboda yadda ka riƙe lissafin mangaza a kakar bara, buhunan da ke rubuce suka yi daidai da waɗanda ke ƙasa. Aikin yana da fita ƙauye kamar kwana uku a sati lokacin kaka. In kana so, ka kawo takardar neman aiki da ta tarihin aikinka kafin Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 12 na rana. Akwai wasu masu nema, kuma kwamiti ne zai tantance. Shugaban sashenka ya san da wannan saƙo. In ba ka so, babu abin da zai taɓa aikinka na yanzu.”

Ku sake kallon layin da ya ce kwamiti ne zai tantance. Shi ne layin da aka fi gogewa, wai don kar a sanyaya wa mutum gwiwa. Amma ku duba yadda muke jin magana a nan. In babba ya kira ka ya ce “ka nema”, abin da kunnenka ya ji shi ne “an ba ka”. Kafin magariba an yi masa barka a gida, wataƙila har ya ci bashin babur a kan albashin da bai gani ba. Sai kwamiti ya zauna ya zaɓi wani. Yanzu kuna da ma'aikacin kirki da ke ganin an yi masa wasa da hankali, kuma har gobe makullin mangaza a hannunsa yake. Za ku gane saƙonku ya zarce gayyata in amsar da ta dawo ita ce “na gode, yaushe zan fara?” Kar ku bari ta kwana. Ku kira shi, ku ce masa baki da baki: tukuna, neman za ka yi.

Dalilin da kuka ba shi ma ya zama abin da aka gani da ido. “Kana da ƙoƙari” kowa ana gaya masa. Lissafin kakar bara kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma shi ne hujjarku ranar da wani ya ce ai don ɗan unguwarku ne. Saboda haka ma a liƙa sanarwar gurbin a allon biro rana ɗaya da saƙon, kowa ya gani.

Batun kuɗi fa? In an riga an tsayar da matakin albashi, ku rubuta shi. In ba a tsayar ba, kar ku faɗi jika ko ɗaya. Ku dai faɗi wuyar aikin tun yanzu, domin kwana uku a hanyar Dakoro ba zaman mangaza ba ne ga mai iyali.

In ya yi nasara, saƙon nan bai isa takardar aiki ba. Tun da aikinsa da albashinsa za su sauya, a rubuta ƙari a kan yarjejeniyar aikinsa, shi da kamfani su sa hannu, a bayyana ranar farawa da cewa shekarunsa huɗu suna nan a lissafi. In kuma bai samu ba, wanda ya aika gayyatar shi ne zai je ya gaya masa, kafin a liƙa sunan wanda aka ɗauka.