Binciken sunan kaya: maganar mai kamfani, ta masu saye, da ta abokan gasa

Mu ɗauki wani kamfanin yogot a Arkilla, nan cikin Sakkwato, wanda ya shekara shida yana aiki, yana kai kwalba mai santilita 50 shaguna arba'in. Ciniki ya tsaya wuri ɗaya, kuma Alhaji mai kamfanin ya yanke shawarar canza tambari da launin kwalba. Kafin ya biya mai zane ko sisi, akwai aikin sati biyu da ya kamata a yi, wato a tattara magana daga bakuna uku a jera su kan takarda ɗaya: abin da mutanen kamfani ke faɗa game da kayansu, abin da masu saye ke ji, da abin da abokan gasa ke iƙirari. Duk alƙaluman da za ku ji a wannan bidiyon na misali ne, domin a ga yadda ake lissafin.

Daga cikin gida ake farawa. A zaɓi mutum biyar, Alhaji, manaja, mai kula da haɗi, direban da ke raba kaya da mai karɓar oda a waya. Kowa a tambaye shi shi kaɗai, domin idan aka tara su a ofis, duk abin da Alhaji ya faɗa shi sauran za su maimaita. Tambaya uku sun isa. Wane ne ke sayen kayanmu? Me ya sa zai zaɓe mu ya bar na wani? Waɗanne kalmomi uku ne suka fi dacewa da kayanmu? A rubuta amsar yadda ta fito daga bakin mutum, ba tare da an gyara masa Hausa ba. Bayan haka a tattaro duk abin da ke ɗauke da sunan kamfani, kwalba, allon shago, rubutun jikin mota, tallar rediyo, rasit, hotunan da ake sakawa a WhatsApp, a shimfiɗa su kan tebur. A misalinmu, huɗu cikin biyar sun ce abin alfaharinsu shi ne madarar shanu ce zalla da ake karɓowa daga ruga, babu garin madara. Amma da aka duba kwalbar, wannan magana tana can baya, da ƙananan haruffa, da Turanci. Tallar rediyo kuwa inganci da tsafta take ta nanatawa.

Bangaren masu saye shi ya fi cin lokaci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum talatin ake nema, kashi uku: sha biyu masu saye kullum, goma da suka taɓa saye suka daina, takwas masu shan na wani kamfani. Waɗanda suka daina su ne suka fi wahalar samu, kuma maganarsu ta fi ta kowa amfani. Masu shago sun san su, don haka ta hannunsu ake bi. A raba tambayar unguwa-unguwa, Mabera, Runjin Sambo, Gawon Nama, bakin Babbar Kasuwa, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, saboda abin da ɗalibi ke nema a yogot daban yake da abin da magidanci ke nema idan zai kai wa iyali. Matan da ke cikin gida, waɗanda sau da yawa su ke aiken yaro da sunan wanda za a sayo, mace ce za ta shiga ta tambaye su.

Kada Alhaji ko yaronsa su yi tambayar da kansu. Mutanenmu suna da kara, babu mai kallon idon mai kaya ya ce masa kayansa sun yi tsami, abin da zai ji kawai shi ne madalla, Allah ya ƙara albarka. A samo wanda ba a san shi da kamfanin ba, kuma kada ya ambaci sunan kamfanin da farko. Ya fara da cewa, Malam, idan aka ce yogot, waɗanne sunaye ne ke zuwa maka? Ya rubuta su bi da bi yadda aka ambata. Idan sunanku bai fito ba sai da aka tuna wa mutum, to matsalar rashin sani ce, kuma maganinta daban yake da na mutumin da ya san ku sarai amma ya guje ku. Sannan ya tambayi saye na ƙarshe: yaushe, a wane shago, da wane lokaci na rana, me aka tarar da aka buɗe kwalbar. Tambayar abin da ya riga ya faru ta fi tambayar ra'ayi fitar da gaskiya. Wanda aka ce wa yogot ɗin nan yana da daɗi ko, zai ce e. Wanda aka ce ya ba da labarin kwalbar da ya saya jiya, shi zai ce ruwa ya taso a sama.

Akwai ma'aunin da Fred Reichheld ya fito da shi a 2003, inda ake tambayar mutum, daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ya tallata kayan ga wani. Ana ɗauke kason masu ba da 0 zuwa 6 daga kason masu ba da 9 da 10. Yana da amfani idan mutane suna da yawa, amma a kan mutum talatin lambar tana tsalle da amsar mutum biyu ko uku, ga kuma karar da muka ambata tana tura amsa sama. Mun fi son a tambayi mutum ko ya taɓa ce wa wani ya saya, kuma me ya ce masa. Kalmomin da ya yi amfani da su su ake nema.

Ana cikin wannan, wani ya zagaya shaguna goma da la'asar ya sayi kayan kamfanin kamar kowane mai saye, da ma'aunin zafi a aljihu. Yogot yana son sanyin da bai wuce digiri 5 ba. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma mai shagon da aka ɗauke wa wuta tun safe ba lallai ya tayar da janareta saboda kwalba ashirin ba. Idan kwalba ta ɗumama, ƙwayoyin da suka mayar da madara yogot sukan ci gaba da aiki, tsami ya ƙaru, ruwa ya rabu da kauri, idan kuma yis ya shiga sai kwalbar ta kumbura. Alhaji yana ɗanɗana kayansa a bakin injin da safe, mai saye yana sha da ƙarfe huɗu a Mabera, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Abokan gasa ba sa buƙatar dogon aiki, amma a kula da wa ake kira abokin gasa. Masu saye ne ke faɗa, ta hanyar tambaya ɗaya: ranar da ba ka sami wannan ba, me ka sha? Amsa za ta haɗa da kamfanonin yogot biyu ko uku, amma za ta kawo mai fura da nono, da mai kunun aya. A ɗauki biyar, a sayi kayansu, a kwafe maganar da ke kan kwalba da talla kalma da kalma. Abin da suka faɗa iƙirari ne kawai, sai masu saye sun gaskata shi. Sannan a rufe sunayen a karanta wa manaja jimlolin. Idan ya kasa gane tasu a ciki, to tallar da ake biya a rediyo kowa take yi wa aiki. Farashi kuma a mayar da shi ma'auni ɗaya: kwalba mai santilita 50 a naira 1,000 tana kamawa naira 200 kowane santilita 10, mai santilita 35 a naira 800 tana kamawa kusan 229. Naku ya fi arha, amma mai saye kuɗin da ya miƙa yake tunawa.

Yanzu ga takardar a allo. Kowane layi kalma ɗaya ce, gefe kuma gida uku: mutanen kamfani, masu saye, abokan gasa. Inganci da tsafta sun fito a duka gidajen uku, haka ma lambar NAFDAC. Waɗannan su ne abin da masanin tallace-tallace Kevin Lane Keller ke kira wuraren daidaito: dole a same su, amma ba su raba ka da kowa ba, don haka ba a gina talla a kansu. Madarar shanu zalla, mutum huɗu cikin biyar a kamfani, biyu kacal cikin masu saye talatin, kamfani ɗaya cikin abokan gasa. Gaskiya ce da ba ta isa kunnen mutane ba. Kauri, mutum ɗaya a kamfani, direban nan, amma sha bakwai cikin talatin na masu saye, kuma babu abokin gasar da ya ambata. Wannan layin shi ya fi kowane daraja, domin mutane sun riga sun yarda da shi kuma wurin babu kowa. Tsami kuwa babu wanda ya faɗa a kamfani, amma takwas cikin goman da suka daina saye shi suka fara ambata, kuma shida cikin shaguna goma kwalbarsu da ɗumi aka same ta.

Abin da takardar ta nuna shi ne tambari ba shi da laifi, mutane suna gane shi daga nesa, canza shi ma zai iya ɓatar da masu saye kullum. Tsami za a fara magancewa, tunda talla mai ƙarfi a kan kayan da ke lalacewa a shago ƙara yawan masu gudu take yi. A rage yawan kwalbar da ake ajiye wa shagon da ba shi da tsayayyen sanyi, a riƙa kai masa kullum da sassafe maimakon sau biyu a sati, a ba shi kula da ƙanƙara, a karɓe duk kwalbar da ta kumbura ba tare da an caje shi ba, domin mai shagon da zai yi asara sayar da ita zai yi. Sai an ga wannan ya zauna sannan a taɓa magana: kauri ya dawo gaban kwalba da Hausa, da manyan haruffa, madarar shanu ta zama dalilinsa. A gwada kwalba mai santilita 25 saboda ɗalibai da masu ƙaramin kuɗi a hannu.

Mutum talatin ba su isa a ce kashi kaza cikin ɗari na mutanen Sakkwato ba, don haka a riƙa faɗin adadin yadda yake, sha bakwai cikin talatin, kuma kalmar da ba ta fito daga bakin mutum biyar ba a ajiye ta gefe tukuna. Lokaci ma yana canza amsa. Abin da aka ji a watan azumi ko tsakiyar bazara ba zai yi daidai da na hunturu ba, lokacin da sanyin gari ke rufa wa firij asiri. A maimaita binciken bayan wata shida da tambayoyi iri ɗaya, a unguwanni iri ɗaya, a sake yi a watan da aka fara idan shekara ta zagayo, sannan a duba ko layin tsami ya ragu kuma ko madarar shanu ta fara fitowa daga bakin masu saye ba tare da an tuna musu ba.